Kurakuran da aka fi yi wajen koya wa yara ɗebewa da lissafin cefane

Duk shekara sai an turo mana sabbin malamai gwajin koyarwa, kuma duk shekara sai na zauna a bencin baya na ga abu ɗaya yana maimaituwa. Malami zai rubuta a allo: "Inna ta ba ka naira 50, ka sayi ƙuli-ƙulin naira 35, nawa ne canjinka?" Rabin aji su rubuta 25. Malami ya bi littattafai da jan biro, ya soke, ya rubuta 15, ya ɗaga murya ya ce, "Ba na ce ku yi aro ba?" Gobe a sake, jibi a sake. Na gaji da jan kowa gefe ina yi masa bayani shi kaɗai, shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Magana ce a kan 'yan aji biyu da aji uku, lokacin da ake fara koya musu cire lamba mai gida biyu inda sai an taɓa gidan gomomi. Abin da zan faɗa yadda nake yi ne a ajina, akwai malaman da suka girme ni da ba su yarda da wasu daga ciki ba.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne gina dukkan tambayoyi a kan farashin da ke ƙarewa da sifili ko biyar. Dalilin da ya sa muke yin haka a fili yake. Takardun kuɗinmu 5, 10, 20, 50, 100, 200, 500 da 1000 ne, kwandalar naira ɗaya da ta naira biyu kuwa yawancin yaran nan ba su taɓa sayen komai da su ba. Malami mai son tambayarsa ta yi kama da kasuwa ba zai rubuta naira 28 ba, sai 25 ko 35 ko 45. Niyyar mai kyau ce. Sai dai irin wannan tambaya tana ɓoye cutar da ke damun yaro.

Dubi 50 a cire 35 ɗin nan. Yaro na farko ya dubi gidan ɗai-ɗai, ya ga sifili a sama biyar a ƙasa, sai ya juya su a ransa, ya cire sifili daga biyar, ya sami 5. Ya koma gomomi, uku daga biyar, 2. Amsa 25. Wannan bai ma san ana fasa goma ba. Yaro na biyu ya san sifili ba zai isa ba, ya ɗauko goma, ya cire biyar daga goma, ya sami 5, amma ya manta gomomin sama sun ragu daga biyar zuwa huɗu, shi ma ya rubuta 25. Cuta biyu daban, amsa ɗaya. Na biyun ya kusa isa gida, tunatarwa kawai yake bukata. Na farkon ko hanya bai hau ba. In ka duba littafinsu ba ka iya bambanta su.

Ni wannan ya ci ni, shekarata ta biyu da fara koyarwa. Akwai wani yaro a aji uku, mai natsuwa, kullum 25 yake kawo mini a irin wannan tambaya. Na yanke hukunci cewa mantuwa ce, na sa shi gaba da "soke biyar ka rubuta huɗu, soke biyar ka rubuta huɗu" har ya zame masa jiki. Cikin mako biyu ya fara cin goma bisa goma. Mahaifinsa ya zo makaranta, na ce masa, "Alhaji, ka kwantar da hankalinka, yaronka ya gane." Ashe abin da yaron yake yi shi ne ya soke lambar gomomi kamar yadda na umarce shi, sannan ya ci gaba da juya gidan ɗai-ɗai kamar da. Sifili daga biyar, 5. Uku daga huɗu, 1. Amsa 15, daidai, ta hanyar da ba daidai ba. Da jarrabawar ƙarshen zango ta zo, wani malami ne ya fitar da tambayoyin, ya sa 62 a cire 28. Yaron ya soke shida ya rubuta biyar, ya cire biyu daga takwas, ya rubuta 36, alhali amsar 34 ce. Haka ya yi a duk shafin. Da na bi sauran takardun sai na tarar ba shi kaɗai ba ne, kusan layi biyu na ajin haka suke. Zango guda na ɓata musu, kuma ni na tsaya gaban uban yaron na ba shi tabbacin abin da babu shi. Har yau in na tuna fuskar dattijon nan ranar karɓar sakamako, raina yana ɓaci.

Tun daga ranar ban sake gwada yaro da tambayar da lambobin ɗai-ɗai ɗinta ke da tazarar biyar ba. Sifili da biyar, ɗaya da shida, biyu da bakwai, uku da takwas, huɗu da tara, duk tarko ɗaya ne, domin juyawa da fasa goma suna ba da lamba guda. Littattafai da yawa suna sa 52 a cire 27, ka lissafa ka gani, 35 za ka samu ta hanyoyin kuskuren biyu.

To ina za a samo lambobin da ba biyar-biyar ba, ba tare da an ƙirƙiro farashin ƙarya ba? A bar kuɗi, a koma kan kaya. A kasuwa kaya ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya: lemu a tire, ƙosai a kwano, ƙwai a kiret, dunƙulen magi a leda. Tambayar da nake fara gwaji da ita ita ce: "Mai lemu ya kasa lemu 43 a tire. Kafin azahar an sayi 17. Nawa ya rage a tiren?" Amsar 26 ce, kuma kowace amsar kuskure tana faɗa mini abin da ya faru a kan yaron. Wanda ya rubuta 34 juyawa ya yi, ya cire uku daga bakwai. Wanda ya rubuta 36 ya fasa goma amma bai rage gomomi ba. Wanda ya rubuta 24 irin yaron nan nawa ne, yana soke lamba ba tare da ya san me ya sa ba. Mai 30 ya ce bakwai ba za ta fita daga uku ba, ya sa sifili ya wuce. Mai 60 kuwa matsalarsa ba ɗebewa ba ce, labarin ne bai shiga kansa ba, ya ga lambobi biyu ya tara. Tambaya ɗaya tak, minti biyar, na raba aji gida-gida, na san wanda zan zauna da shi a kan me. Kiret ɗin ƙwai ma yana yi, tunda kowane yaro ya san talatin yake ci: a sayi 12, saura 18.

Abokan aikinmu na Nijar sun fi mu sauƙi a nan, domin a kasuwa da dala ake magana, dala ɗaya faran biyar, don haka "dala 43" da "dala 17" magana ce da yaro zai iya ji a bakin mai tebur. Sai dai su kula kada su cakuɗa dala da faran a tambaya ɗaya.

Abu na biyu shi ne maganganun da muke sakin baki muna faɗa a gaban allo. "Kullum ana cire ƙarami daga babba." Wa ya koya wa yaron juyawa in ba wannan jimlar ba? Ka faɗa masa ita tun aji ɗaya, ya riƙe da kyau, ya zo ya ga uku a sama bakwai a ƙasa, ya yi maka biyayya, kai kuma ka zane shi. Ni na daina faɗarta gaba ɗaya. Abin da nake tambaya shi ne, "Wanne ne kayan mai shago, wanne ne abin da mai saye yake so?" Na sama shi ne abin da ke kan tire. Na ƙasa ba kaya ba ne, buƙata ce. Ba a cire lemun tire daga buƙatar mai saye.

Kalmar aro ma ba na son ta. Wata yarinya ta taɓa ɗaga hannu ta ce, "Malam, to yaushe za mu mayar musu da goman da muka ara?" Gaskiyarta. A gidansu in an ari turmi ana mayarwa. A lissafin nan kuwa ba a ari komai daga kowa ba, kayanka ne ka sauya musu siffa. Kalmar da ta dace tana bakin kowane yaro da aka taɓa aika: canji. An ba shi ɗari biyar an ce ya je ya yiwo canji, ya dawo da ɗari-ɗari guda biyar, kuma ya san kuɗin bai ƙaru ba bai ragu ba. Ni "fasa goma" nake cewa, kamar yadda ake cewa an fasa dubu. Na san littafin aji aro ya rubuta, kuma wasu malamai suna ganin sauya kalma ruɗa yara ne. Ina gaya wa yaran cewa za su ji wasu suna cewa aro, abu ɗaya ne, amma a ajina fasawa muke yi.

Ga yadda nake yin darasin. Ina sa a kawo tsohuwar tsintsiyar kwakwa, mu kakkarya tsinkayen tsawon yatsa, mu ɗaure goma-goma da kyauro. Kowane benci ya sami ɗauri huɗu da tsinke uku a warware, wato lemu 43 ke nan. Yaro ɗaya mai lemu, ɗaya mai saye. Mai saye ya ce, "A ba ni goma sha bakwai." Mai lemu ya miƙa hannu wajen na warware, ya ga uku ne kawai. A nan nake yin shiru. Ba na faɗa musu abin yi. Ba a daɗe sai wani ya ce, "A kwance ɗaya mana." Ya cire kyauro, ɗauri ya koma uku, na warware suka zama goma sha uku. Kafin ya miƙa ko tsinke ɗaya sai na tsayar da shi: "Yanzu lemu nawa ne a gabanka?" Wannan tambayar ita ce darasin. Wasu za su ce 33, wasu 53, sai an ƙirga a ga har yanzu 43 ne. Sannan ya ba da bakwai, saura shida, ya ba da ɗauri ɗaya, saura biyu.

Kuskuren da sabbin malamai ke yi da tsinkayen shi ne su yi wasan yau, su yi rubutun gobe, kamar ba su da dangantaka. A'a. Fensir yana hannun yaro na uku a benci ɗaya. Lokacin da aka cire kyauro, lokacin yake soke huɗu ya rubuta uku, ya sa ɗaya a gefen ukun ɗai-ɗai ta zama 13. Hannu ya motsa, fensir ya motsa. In ka raba su, yaro zai iya tsinke, ya iya soke lamba, amma ba zai san abu ɗaya ba ne. Nakan yi kwana huɗu ko biyar a haka kafin in kwashe tsinkayen, kuma wanda ya nema daga baya ba na hana shi.

Kuɗin gaske ba ya yin wannan aikin. Ka fasa naira 10, biyar-biyar guda biyu za a ba ka, ba ɗai-ɗai goma ba. Shi ya sa nake yanka kwali in yi kuɗin aji iri uku kawai: ɗaya, goma, ɗari. Babu ashirin, babu hamsin, sai daga baya. Inda naira ta gaske take shigowa da kyau shi ne fasa ɗari zuwa gomomi: "Yaya ya miƙa 500, kayan miyan sun kama 370." Amsar 130. Mai juyawa zai kawo 270, mai mantuwa 230. Farashin bai saɓa wa kasuwa ba, kuma cututtukan sun rabu.

Yanzu bari in zo kan abin da na gani da idona da ya sa na kasa zama a bencin baya. Wata yarinya ce mai tallar awara bayan an tashi makaranta. Sabon malami ya rubuta: an yi sayayyar naira 65, an miƙa 200. Kafin ya ajiye alli ta ce, "Ɗari da talatin da biyar." Ya ce ta nuna aiki. Ta ce, "Malam, sittin da biyar, in sa biyar saba'in, in sa talatin ɗari, ga kuma ɗari ɗaya." Sai ya daka mata tsawa, ya ce nan makaranta ce ba kasuwa ba, ta rubuta yadda aka koya mata. Ta sunkuyar da kai ta rubuta, ta sami 145, ya soke da jan biro.

Malamai, ku ji tsoron Allah da irin wannan. Yarinyar nan kullum tana ba manya canji a bakin titi, in ta yi kuskuren naira goma ita za ta amsa tambaya a gida. Ta zo maka da amsa daidai, da hanya mai kyau da ta bayyana tiryan-tiryan, ka nuna mata cewa abin da ta sani ba shi da daraja a aji. Kai ne ka kawo kasuwa cikin tambayarka, sannan ka kori lissafin kasuwa. Abin da ka koya mata ranar shi ne amsar takarda daban, gaskiya daban, kuma yaron da ya yarda da haka zai rubuta maka canjin 265 daga cikin 200 bai ji komai ba. Bayan an tashi na same shi a ofis, na faɗa masa ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Abin da ya kamata ya yi mai sauƙi ne. Ya rubuta 135 ɗinta a gefen allo, ya ce, "Kanki ya ce 135, fensirinki ya ce 145. Ɗaya ya yi ƙarya, mu nemo shi." Da kuɗin kwali a gabanta za ta gani: ɗari biyu, babu gomomi, babu ɗai-ɗai. Ta fasa ɗari ɗaya, gomomi goma. Ta sake fasa goma ɗaya daga cikinsu, saura tara. A nan goman nan ta ɓuya, ta bar su goma a takarda bayan ta riga ta fasa ɗaya. Fasawa biyu ce, ba ɗaya ba. Haddar "sifili yana komawa tara" ba tare da an ga takardun nan tara a kan benci ba, ba ta kwana biyu a kan yaro. Kuma tun daga lokacin na mayar da hanyarta dokar aji: duk wanda ya gama, ya mayar da canjinsa kan kuɗin kaya ya ga ko ya cika abin da aka miƙa. 145 da 65 sun ba da 210, wa ya ba ka ƙarin goma?

Harshenmu ma yana taimakawa, mu ne ba ma amfani da shi. Tsofaffi da 'yan kasuwa suna cewa ashirin ba biyu, talatin ba ɗaya, ɗari ba biyar. Wannan ɗebewa ce tsantsa daga cikakkiyar goma. Ina buɗe darasi da shi da baki, minti uku: "Arba'in ba uku, nawa?" Yaron da ya amsa talatin da bakwai ya riga ya ji a kunnensa cewa arba'in ta sauka zuwa talatin.

Sauran kurakuran ƙanana ne, amma suna cin maki. Kada ka koya wa yara cewa duk inda suka ga "saura" ɗebewa ce. Ka gwada su da wannan: "Kawu ya sayar da ƙosai 17, saura 26 a kwano. Da guda nawa ya fito?" Mafarautan kalma za su rubuta 9. A kowane saiti nakan jefa irin wannan guda ɗaya, da kuma ɗaya da ba ta bukatar fasa goma, domin akwai yaran da da zarar sun koyi sokewa sai su soke ko'ina, su mai da 48 a cire 15 ta zama 23.

Ka riƙa sauya lambar da ta fara zuwa a labari. In kullum kuɗin da aka miƙa ne a farko, ranar da aka ce "tumatir na 65, ta ba da 100" yaro zai ɗora 65 a sama.

In lambar ƙasa gida ɗaya ce, kamar 42 a cire 7, ka duba inda aka ajiye bakwai ɗin. Littafi mai gida-gida yana magance wannan, in babu a ja layi tsaye da rula.

Labari kada ya wuce jimla uku. Sunan kasuwa da launin jakar Inna ba sa ƙara komai ga yaron da har yanzu yake harhaɗa baƙaƙe. In tambayar da Turanci take a littafi, ka sa yaro ya ba ka labarin da Hausa daga bakinsa kafin ya taɓa fensir: wa ya sayi me, me ya miƙa, me ake nema.

Amsa kuma ta zo da sunanta. "26" kawai ba na karɓa, lemu 26 ne ko naira 26.

Iyaye masu taimakawa a gida, ba sai kun cika shafi ba. Tambaya uku a rana sun isa, ɗaya ta kaya, ɗaya ta kuɗi, ɗaya kuma yaron ne zai ƙirƙira ya tambaye ku daga aiken da aka yi masa ranar. In ya kawo amsar kuskure, kada ku goge. Ku ba shi tsinkaye ko murafen kwalba, ku ce, "Nuna mini yadda ka yi," ku zuba ido a kan hannunsa lokacin da ya iso gidan ɗai-ɗai.